ArrayList ko LinkedList: inda lokacin kwamfuta yake tafiya

Duk wanda ya fara koyon rubuta manhaja da harshen Java, ba ya daɗewa sai ya ci karo da wannan tambaya: idan zan tara bayanai a jere, kamar sunayen ɗalibai ko rasitan ciniki, a cikin wanne zan zuba su, `ArrayList` ko `LinkedList`? Dukansu biyu sun shigo Java a 1998, cikin fitowa ta 1.2, kuma umarni iri ɗaya suke karɓa. Amsar da ake haddacewa a aji ita ce, na farko ya fi saurin ɗauko abu, na biyu ya fi saurin cusa sabon abu a tsakiya. Rabin farko na amsar gaskiya ne. Rabi na biyu kuwa ya sha kai masu rubuta manhaja ya baro su.

`ArrayList` kamar kujeru ne masu lamba da aka jera a zaure ɗaya. Idan aka ce a nemo wanda ke kujera ta 700, kai tsaye ake zuwa wurin, domin lissafi kaɗai ya isa ya nuna inda take. `LinkedList` kuwa mutane ne warwatse a fili, kowa ya san inda na gabansa yake da inda na bayansa yake, shi ke nan. Mai neman mutum na 700 dole ya fara daga na farko, ko daga na ƙarshe idan can ya fi kusa, yana bi ɗaya bayan ɗaya har ya iso.

A ɗauka ana da manhajar da ke riƙe da sunayen masu zana jarrabawa 100,000, ana so a buga su duka. Mai koyo yakan rubuta haka:

```java
for (int i = 0; i < jeri.size(); i++) {
    System.out.println(jeri.get(i));
}
```

Idan `jeri` ɗin `ArrayList` ne, kowane `get(i)` taki ɗaya ne, aikin gaba ɗaya taki 100,000. Idan `LinkedList` ne, kowane `get(i)` sabuwar tafiya ce daga bakin jeri, domin ba ya tuna inda ya tsaya ɗazu. Tafiya mafi tsawo ita ce zuwa tsakiya, taki 50,000, matsakaiciyar kuma 25,000. A ninka wannan sau 100,000, sai a samu taki biliyan 2.5 a kan aikin da ɗayan ya gama da dubu ɗari. Abin takaicin shi ne, a lokacin gwaji da sunaye hamsin ba wanda zai ga wata matsala. Sai bayanai sun taru manhajar take fara nauyi. Alamar da ake gane wannan ciwo da ita a fili take: idan aka ninka yawan bayanai sau biyu, lokacin aiki ya ninku kusan sau huɗu, to akwai wata tafiya da ake ta maimaitawa a ɓoye. Maganinsa a nan shi ne a rubuta `for (String suna : jeri)`, wanda ke riƙe wurin da ya tsaya.

Sai batun cusawa, inda aka fi yabon `LinkedList`. Gaskiya ne cewa da zarar an iso wurin, saka sabon suna ba ya wuce a ƙirƙiri ƙulli ɗaya a gyara mahaɗan maƙwabtansa biyu. Amma kafin a iso fa? Umarnin `jeri.add(50000, suna)` sai ya taka kusan ƙulli 50,000 kafin ya yi wannan ɗan gyara. Shi kuma `ArrayList` ya san wurin nan take, wahalarsa ita ce matsar da sunaye 50,000 da ke bayan wurin, kowanne gaba da gurbi ɗaya. A takarda kamar an yi kunnen doki, amma a cikin na'ura tazarar tana da yawa.

Dalilin yana ga yadda kwamfuta ke karanta ma'adanarta. Abin da `ArrayList` ke matsarwa adireshin sunayen ne kawai, kuma a yawancin tsarin Java na yau kowane adireshi bayit 4 ne. Wato bayit 200,000 ne a manne da juna, kuma `System.arraycopy` yana kwashe su a dunƙule. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ta ɗauko bayit ɗai-ɗai daga babbar ma'adana. Takan ɗebo guntu mai bayit 64 ta ajiye a wata ƙaramar ma'ajiya mai sauri da ke jikinta, don haka ɗiba ɗaya na kawo adireshi 16, kuma tana iya hango na gaba ta ɗebo shi tun ba a nema ba. A `LinkedList`, ba a sanin inda ƙulli na gaba yake sai an karanta na yanzu, kuma idan ƙullayen sun watse a ma'adana, kusan kowane taki jira ne. Ga kuma cin wuri: kowane ƙulli yana cin bayit 24 a irin wannan tsari, ban da shi kansa sunan. Shi ya sa ko a cusawa a tsakiya ta hanyar lamba, `ArrayList` ne yakan yi nasara.

Wasu kan tsorata da cewa `ArrayList` yana cika. Haka ne. Yakan fara da gurbi 10, idan ya cika sai a buɗe sabon wuri da ya fi tsohon da rabi, a kwashe komai zuwa can: 15, sannan 22, 33, 49, haka dai. Amma da yake girman na ƙaruwa, ƙaurar sai ƙara nisa take yi da juna, kuma idan aka raba kuɗinta a kan dukan abubuwan da aka saka, abin da ya faɗa wa kowanne kaɗan ne. Wanda ya san adadin tun farko ma, sai ya rubuta `new ArrayList<>(100000)` ya huta.

Inda `ArrayList` ke shan kashi da gaske shi ne a bakin jeri. Idan kowane sabon suna a gaba ake saka shi da `add(0, suna)`, dole duk na ciki su matsa, kuma kafin a tara 100,000 an yi matsi kusan biliyan 5. Haka ma `remove(0)` ga mai son layin da wanda ya riga zuwa shi ke riga fita. A nan `LinkedList` ya fi shi nesa ba kusa ba. Sai dai tun fitowar Java ta 6 a 2006 akwai `ArrayDeque`, wanda ke sakawa da cirewa a kowane baki cikin sauri ba tare da nauyin ƙullaye ba. Iyakarsa biyu: ba ya karɓar `null`, kuma ba a ɗauko abu daga cikinsa da lamba.

Abin da ya rage wa `LinkedList` ɗan lungu ne: idan ana ratsa jeri mai tsawo da `ListIterator`, ana sakawa ana cirewa a daidai inda aka tsaya, sau da yawa. Ko nan ɗin, idan cirewa ce kawai, `removeIf` da ya zo da Java ta 8 a 2014 yana tace `ArrayList` ba tare da matsi a kan kowane suna ba. Joshua Bloch, wanda ya rubuta `LinkedList` ɗin da hannunsa, ya taɓa faɗa a bainar jama'a cewa shi kansa ba ya amfani da shi.

A ganina mai rubuta manhaja ya fara da `ArrayList`, kada ya canza sai ya auna da agogo, da bayanai masu yawan na gaske, ya ga inda lokaci ke tafiya. Idan kuma awon ya nuna cewa `contains` ne ke cinye lokacin, wato ana ta neman suna ba tare da sanin lambarsa ba, to sauya ɗaya da ɗaya ba zai kawar da matsalar ba, domin dukansu bi suke yi ɗaya bayan ɗaya. Wannan aikin `HashSet` ne, ko `HashMap` idan da lambar jarrabawa ake neman ɗalibi.