Tabon jar miya da na zoɓo a farin kaya: a cire maiƙo kafin a nemi launi

Mutane da yawa idan miyar dage-dage ta ɗiga musu a farin kaftani, sai su dangwali ruwa su hau dirza wurin. Wannan dirzar ce ke tura miyar cikin zare, ɗigo ɗaya ya koma jirwaye mai faɗi. Abin da ya kamata shi ne a kwashe kaurin miyar da bakin cokali, a juya rigar ta baibai, a zuba ruwan sanyi ta bayan tabon domin ya fita ta hanyar da ya shigo.

Tabon jar miya abu biyu ne a haɗe. Akwai man gyaɗa ko manja, akwai kuma jan launin tumatir da tattasai. Shi wannan launin a mai yake narkewa, ruwa ba ya ɗaga shi. Muddin maiƙon yana cikin yadin, launin ma yana nan daram. Saboda haka sai a fara da sabulun ruwa na wanke kwanuka, wanda don maiƙo aka yi shi. A ɗiga kaɗan, a murza da yatsa a hankali, a bari kamar minti 15, a ɗauraye da ruwa mai ɗumi. Idan ɗan shatin ruwan lemo ya rage, a shanya rigar da danshinta a rana. Hasken rana yana kashe launin tumatir sosai, har da rawayan kurkum idan an sa kori a miyar.

Zoɓo da ruwan 'ya'yan itace nasu daban ne, domin ba su da maiƙo kuma launinsu yana bin ruwa. Kuskuren da ake yi a nan shi ne goga sabulun sanda. Duk wadda ta taɓa gwadawa ta ga yadda jan zoɓo yake rikiɗa ya koma shuɗi-shuɗi ko toka-toka, sannan ya ƙara kama yadin. Tsami ne maganinsa. Bayan ruwan sanyi, a jiƙa wurin minti 20 a cikin lita ɗaya ta ruwa da aka zuba wa cokali ɗaya na farin ruwan kal da ɗan sabulun ruwa, ko a matsa lemon tsami a kai. Ruwan abarba da na tuffa kuwa sun fi yaudara. Suna bushewa ba alama, sai an ɗora dutsen guga sukarin da ke ciki ya ƙone, tabo ruwan ƙasa ya bayyana. Don haka ko ba a ga komai ba, a ɗauraye wurin a ranar.

Tsohon tabo yana son haƙuri. A ɗauki farin kaftani na auduga da miya ta yi mako a jikinsa, an wanke, an goge, shatin na nan. A shafa gilisarin, wanda ake samu a kemis, a bar shi awa ɗaya ya tausasa busasshen man. A bi da sabulun kwanuka kamar yadda aka faɗa, sannan a jiƙa rigar a ruwan ɗumi da garin sabulu ta kwana. Da safe, idan launi ya rage, a ɗiga haidurojin na wanke ciwo, mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, a bari minti 10, a ɗauraye, a shanya a rana. Wanda ya fi wannan ƙarfi sai an sirka shi da ruwa. Kada a yanke hukunci rigar na jiƙe, domin danshi yana ɓoye maiƙo. Bayan ta bushe a ɗaga ta a haske. Idan wurin ya yi duhu-duhu, mai ne ya saura, a koma kan sabulu. Idan rawaya ne ko ja-ja, launi ne, a maimaita haidurojin da rana. Wani tabon sai an yi zagaye biyu ko uku, wanda guga ta bi ta kansa sau da yawa kuma yana iya dusashewa kawai ba tare da ya fita gaba ɗaya ba.

Bilic, a ganina, shi ne abu na ƙarshe, kuma ga farar auduga zalla kawai, a sirke da ruwa. Yana cinye launin shadda ruwan madara ko sararin samaniya, yana ɓata zaren aikin wuya, yana lalata siliki da ulu. Ko lemon tsami da haidurojin ma, a fara gwada su a cikin kalmasa inda ba a gani. Kada kuma a taɓa haɗa bilic da kal ko lemon tsami, domin haɗin yana fitar da iska mai guba da ke shaƙe mutum.

Mai kai kaya wurin wanki da guga, ka nuna wa mai wankin tabon da hannunka, ka faɗa masa abin da ya zuba, ka kuma ce kada ya goge rigar sai ya tabbatar tabon ya fita.