Yadda Kwamfuta Ke Gano Abin da Rubutu Biyu Suka Yi Tarayya a Kai

Idan aka ba ka takarda mai shafi 40, sannan aka kawo wata aka ce ita ce dai amma an yi mata gyare-gyare, ta ina za ka fara neman inda aka taɓa? Kwamfuta takan yi wannan aiki cikin ƙiftawar ido, ta ja jan layi a kan abin da aka cire, ta sa kore a kan abin da aka ƙara. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba bambanci take fara nema ba. Tana neman abin da bai canza ba ne, mafi tsawonsa, sai duk abin da ya rage ya zama shi ne gyaran. Manhajar `diff`, wadda Douglas McIlroy da James Hunt na Bell Labs a Amurka suka wallafa bayaninta a 1976, a kan wannan tunani aka gina ta. Masu shirya manhaja suna taƙaita sunan matsalar da LCS. Mu a nan za mu kira abin da ake nema jerin tarayya mafi tsawo.

Bari mu bar takardu masu shafuka, mu ɗauki kalmomi biyu gajeru: KANTI da KATSINA. Ƙa'idar wasan ita ce, kana iya goge duk harafin da ka ga dama daga kowace kalma, amma ba ka da ikon sauya wa haruffa wuri. Me ya fi tsawo da za ka iya ragewa iri ɗaya a duka biyun? Ba dole ne haruffan su kasance a manne da juna ba, tsallake ya halatta. Abin da aka hana kawai shi ne na baya ya wuce na gaba.

Mai gaggawa zai ce ai abu ne mai sauƙi. Zai bi KANTI harafi bayan harafi yana nemansa a KATSINA. K na nan, A na nan, N ma na nan can kusa da ƙarshe. To amma da ya yi tsalle ya kama N ɗin nan, ya bar T da I a bayansa, ba kuma komawa. Ya tashi da KAN, haruffa 3. Da ya haƙura da N, da ya samu KATI, haruffa 4. Shi kuwa mai cewa a gwada duk yadda za a iya gogewa, lissafi ne zai kayar da shi, domin kowane harafi da aka ƙara yana ninka yawan gwajin biyu. Kalma mai haruffa 5 gwaji 32 ne, mai 7 gwaji 128, mai 60 kuwa ya haura biliyan sau biliyan.

Dabarar da ke aiki ita ce a daina tambayar babbar tambaya, a yi ƙanana a rubuta amsoshinsu. Richard Bellman ne ya shahara da wannan salo na warware matsala tun shekarun 1950. Ana zana jadawali mai gidaje kamar na dara. Haruffan KANTI suna gangarowa ta gefen hagu, na KATSINA suna jere a sama. Kowane gida yana amsa tambaya guda: idan na tsaya da kalmar farko a wannan harafi, na tsaya da ta biyu a wancan, nawa ne tsawon jerin tarayyarsu? Ana ƙara layi ɗaya a sama da ɗaya a hagu a cika su da sifili, domin wanda bai karanta ko harafi ɗaya ba babu abin da zai yi tarayya da kowa a kai.

Daga nan ana cikawa layi bayan layi, daga hagu zuwa dama, da dokoki biyu kacal. Idan harafin gefe da na sama iri ɗaya ne, ka dubi gidan kusurwa, wato wanda ke sama ta hagu, ka ƙara 1 a kan abin da ke cikinsa. Idan sun bambanta, ka dubi gidan da ke samanka da wanda ke hagunka, ka kwafi wanda ya fi yawa. Ga yadda jadawalin yake bayan an gama:

```
      K A T S I N A
    0 0 0 0 0 0 0 0
K   0 1 1 1 1 1 1 1
A   0 1 2 2 2 2 2 2
N   0 1 2 2 2 2 3 3
T   0 1 2 3 3 3 3 3
I   0 1 2 3 3 4 4 4
```

Me ya sa kusurwa? Domin gidan kusurwa shi ne ke riƙe da amsar kafin a karanta waɗannan haruffa biyu da suka dace. Dubi layin A, gidan ƙarshe. A ta sake dacewa da A, amma lambar ba ta zama 3 ba, ta tsaya a 2, saboda kusurwarta 1 ce. Wanda ya ƙara 1 a kan gidan hagu zai rubuta 3, ya ƙirga A guda ta KANTI sau biyu. Idan kuwa haruffan sun bambanta, ba yadda za a yi dukansu su zama harafin ƙarshe na jerin tarayya, dole a saki ɗaya. Gidan sama yana faɗa maka abin da za ka samu in ka saki na gefe, gidan hagu kuma in ka saki na sama. Shi ya sa ake ɗaukar mafi yawa.

Gidan ƙarshe, ƙasa ta dama, ya ce 4. A nan ɗalibai da dama ke ajiye alƙalami, alhali rabin aikin aka yi. Jadawalin ya faɗi tsawo, bai faɗi waɗanne haruffa ba ne. Ba kuma za ka tattara duk gidajen da haruffa suka dace ka ce su ne amsa ba, domin su 6 ne a jadawalin nan, har da N ɗin da ta ruɗi mai gaggawa. Sai an bi sawu da baya, a tambayi kowane gida inda ya samo lambarsa.

Mu fara daga gidan ƙarshe, inda I ta haɗu da A. Ba su dace ba. Sama 3, hagu 4, ashe daga hagu lambar ta zo, sai mu matsa hagu. Yanzu I da N ne, su ma ba su dace ba, hagu ta sake fin sama, mu ƙara matsawa. Sai ga I da I. Mu rubuta I a gefe, mu haye kusurwa. Mun sauka a kan T da S, lamba 3. Samanmu 2, hagunmu 3, sai hagu. T ta dace da T, mu rubuta T, mu haye kusurwa. Nan kuma N ce da A ta farko, lamba 2. Wannan karon sama ce ke da 2, hagu 1, don haka sai mu hau sama. Wannan hawa ɗaya shi ne wurin da aka yar da N ta KANTI. A ta dace da A, mu rubuta, mu haye. K ta dace da K, mu rubuta, mu haye, mun faɗa kan sifili, tafiya ta ƙare.

Abin da ke rubuce a gefe shi ne I, T, A, K. Tunda daga ƙarshe muka taso, sai a juya shi: KATI. Mantawa da juyawar nan kuskure ne da ake yawan gani a manhajar masu koyo, kuma yakan ɓuya idan an gwada da kalma irin ANA wadda gaba da baya duk ɗaya ne. Hanyar bincike ba ta da wuya: yawan haruffan da ka tsinta dole ya yi daidai da lambar gidan ƙarshe, kuma dole ka iya bin su ɗaya bayan ɗaya a kowace kalma ba tare da ka koma baya ba.

A ganina, sawun nan ya fi jerin kansa amfani, domin shi ne rahoton gyara. Kowane hayewar kusurwa yana nufin abu bai canza ba. Kowane hawa sama harafi ne da aka cire daga KANTI, ga shi guda ɗaya, N. Kowane matsawa hagu harafi ne da aka ƙara, su uku: S, N da A ta ƙarshe. Lissafin ya fita, 5 a cire 4 saura 1, 7 a cire 4 saura 3. Sa layukan rubutu a madadin haruffa, ka samu ja da koren da muka ambata.

Akwai abin da Bahaushe zai lura da shi nan take: ai TS harafi ɗaya ne a abacadar Hausa, ba biyu ba. Kwamfuta ba ta san da haka ba sai an gaya mata. In aka gaya mata, KATSINA ta koma haruffa 6, T ta KANTI ta rasa abokiyar dacewa, gidan ƙarshe ya sauko zuwa 3. Sai kuma wani sabon abu ya ɓullo wajen bin sawu: tun a gidan farko, sama 3 ce, hagu ma 3. Wanda ya riƙa zaɓar sama duk lokacin da aka yi kunnen doki zai ƙare da KAN. Wanda ya riƙa zaɓar hagu zai ƙare da KAI. Duka biyun daidai ne. Tsawon ɗaya ne tak, amma jerin kansa yana iya zama fiye da ɗaya. Wannan na cikin dalilan da manhajoji biyu kan nuna gyara iri daban-daban a kan takardu guda, ba tare da ɗayansu ta yi kuskure ba. Haka kuma, da yake ba a yarda da sauya wuri ba, sakin layin da aka ɗauke daga farko aka kai ƙarshe zai fito ne a matsayin an goge shi a can, an rubuta sabo a nan.

Sauran matsala ita ce girma. Jadawalinmu gidaje 35 muka lissafa, 5 sau 7. Takardu biyu masu layi 10,000 kowace za su ci gidaje miliyan 100, kuma in kowane gida ya ɗauki bayit 4, megabayit 400 ke nan. Mai neman tsawo kaɗai yana da sauƙi, tunda kowane layi na samansa kawai yake dubawa: ya riƙe layi biyu, ya riƙa zubar da tsofaffi. Amma wanda ya zubar da layuka ya share sawun da zai bi ya dawo. Daniel Hirschberg ne ya nuna mafita a 1975. Ana raba jerin farko biyu, a cika rabin sama daga gaba, rabin ƙasa daga baya, kowanne da layi biyu kawai. Sai a haɗa layukan ƙarshe na ɓangarorin biyu gida da gida, inda jimlarsu ta fi yawa nan ne sawun ya ratsa tsakiya. An samu wuri ɗaya tabbatacce a kan hanyar, sai a maimaita haka a kan kowane rabi har a gama. Lissafin ya kusan ninkawa biyu, amma wurin ajiyar da ake buƙata ya sauko daga gidaje miliyan 100 zuwa 'yan dubbai goma-goma. A 1986 kuma Eugene Myers ya fito da hanyar da ba ta cika jadawalin duka, tana bin wuraren da ke da alamar sawu ne kawai, saboda haka tana da sauri matuƙa idan gyaran kaɗan ne. Ita ce `git diff` ke amfani da ita idan ba ka zaɓa masa wata ba.