Batir Ba Ya Faɗin Gaskiya Sai Ya Huta

Da la'asar sakaliya, rana ta fara sanyi, allon inbata a gidaje da yawa na nuna 13.2 ko ma fiye. Maigida ya duba ya ce batir ya cika maƙil. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare kuma inbata ta kama kuka, fanka ta tsaya, yara suka farka cikin zafi. Washegari a ɗora laifi kan mai shagon da ya sayar da batirin, ko kan yaron da ya haɗa solar. Sau da yawa ba ɗaya daga cikinsu da ya yi ha'inci. An karanta lamba ce a lokacin da ba ta da ma'ana.

Batirin dalma da asid, wanda ke cikin mota da ƙarƙashin inbata, tsohon ƙirƙire ne. Wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙirƙiro shi a 1859, kuma har yau ainihin yadda yake aiki bai canza ba. Wanda ake kira mai bolt 12 yana da ɗakuna shida, kowanne da farantan dalma a nutse cikin ruwan batir, wato asid da aka sirka da ruwa. Kowane ɗaki idan ya cika yana ba da kimanin bolt 2.1, shida ɗin a haɗe su ba da 12.6 ko 12.7. Yayin da ake shan wuta, asid ɗin yana barin ruwan ya haɗu da dalmar farantan, ruwan ya tsinke. Idan aka sa caji, asid ɗin ya koma cikin ruwan ya yi kauri. Ƙarfin bolt ɗin batir yana bin kaurin wannan asid ne sau da ƙafa, shi ya sa mita mai arha take iya gaya wa mutum abin da ya rage a ciki.

Ga jadawalin da aka saba amfani da shi ga batirin bolt 12 mai ruwa, wanda ya huta:

12.6 zuwa 12.7: cike yake
12.4: saura kashi 75 cikin ɗari
12.2: saura rabi
12.0: saura kashi 25 cikin ɗari
11.9 ko ƙasa da haka: ya ƙare

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne ƙanƙantar tazarar. Tsakanin cikakken batir da wanda ya ƙare babu ko bolt ɗaya. Kuskuren 0.2 kaɗai na iya mayar da rabi ya zama kashi 75 a idon mai awo. Batirin da ke nuna 12.0 kuwa, wanda mutane da yawa ke cewa "ai ga shi nan sha biyu cif, lafiya lau," ya kusa durƙushewa.

Jadawalin ba ɗaya ba ne ga kowane iri. Batiran da aka rufe ruf, masu tambarin AGM ko GEL, sukan nuna 12.8 zuwa 12.9 idan sun cika. Dogayen batiran nan na tubula da suka cika kasuwar inbata, wasunsu asid ɗinsu bai kai na mota kauri ba, don haka cikarsu kan tsaya ɗan ƙasa. Idan kamfanin ya buga nasa jadawalin a takardar batirin, shi ne abin bi.

To, me ya kawo zancen jira? Farantan batir ba sumul suke ba, cike suke da ƙananan ramuka, kuma a cikin ramukan nan ne aikin yake gudana. Lokacin caji, asid ɗin da ake saki yana taruwa a jikin farantan ya yi kauri a nan, alhali sauran ruwan ɗakin bai samu rabonsa ba tukuna. Mita kuwa abin da ke jikin farantan take ji. Kamar kofin shayi ne da aka zuba wa sukari ba a juya ba: wanda ya ɗanɗana daga ƙasa zai rantse ya yi zaƙi fiye da kima, wanda ya kurɓa daga sama zai ce salam yake. Batirin da aka cire daga caji yanzun nan zai iya nuna 13 da wani abu ko da bai cika ba. A bar shi, lambar za ta riƙa saukowa a hankali, da sauri da farko, sannan sannu sannu, har ta tsaya. Inda ta tsaya nan ne gaskiyar.

Haka abin yake ta ɗaya gefen. Idan batir na ɗauke da kaya, asid ɗin cikin ramukan yana ƙarewa fiye da yadda sabo ke shigowa, ga kuma juriyar da wuta ke gamuwa da ita a cikin batirin kansa. Sai lambar ta faɗi ƙasa da yadda ya kamata. Batirin da ke da kashi 75 na iya nuna 11.9 yayin da firji ke aiki, a kashe komai, bayan ɗan lokaci ya hau 12.4. Wanda ya karanta jadawalin a kan 11.9 ɗin zai ɗauka batirinsa ya mutu, ya je ya tayar da janareto a banza.

Lambar da ake gani yayin da caja ke aiki kuwa ba ta batirin ba ce sam. Caja ko kwanturolar sola tana tura wuta a kan kimanin 14.4, daga baya ta sauko ta riƙe shi a 13.5 zuwa 13.8. Wannan muryar cajar ce. Akasarin ƙananan inbata da ke zana sanduna huɗu ko biyar a allo daga wannan lambar suke ƙirga su, shi ya sa sandunan ke cika da zarar an kawo wutar Nepa, su zube da zarar an kunna dutsen guga.

Tsawon jiran ya danganta da irin daidaiton da ake nema. Awa ɗaya na rage yawancin ƙaryar amma ba ta kawar da ita ba. Awa huɗu zuwa shida sun wadatar ga amfanin gida. Masu son cikakken tabbaci kan bar shi ya kwana, wasu kamfanoni ma awa 24 suke cewa. Sharaɗin shi ne babu abin da ke shiga, babu abin da ke fita: a kashe inbata gaba ɗaya, domin ko ba a jona mata komai ba tana shan nata, a kuma raba shi da sola. Wajen kwance wayoyi a fara cire na faifan sola kafin na batir, wajen mayarwa a fara da batir, don kwanturola da yawa ba sa son rana ta same su babu batir a jikinsu. Mota ta fi sauƙi: a auna da safe kafin a tayar da ita. Idan ana sauri, masu gyaran wayarin mota kan kunna manyan fitilu na minti ɗaya ko biyu, su kashe, su jira wasu mintuna, sannan su auna. Dabara ce mai amfani, amma ƙiyasi ne a kan ƙiyasi.

A ɗauki misalin gida mai batir ɗaya na 200Ah da inbata ta bolt 12. Da dare ana kunna fanka, talabijin da ƙwayayen fitila, jimla wat 150. Idan aka haɗa da abin da inbata ke ɓatarwa, batirin na fitar da kimanin amfiya 15. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce kada a riƙa wuce rabi, domin batirin dalma da ake kwashewa ƙarƙaf kullum ba ya tsufa da kyau. Don haka a cikin 200 ɗin, 100 ne na ci, wato kusan awa bakwai na wannan kayan.

Ranar da hazon hunturu ya rufe rana, faifan sola bai kawo abin kirki ba. Ƙarfe biyar allo ya nuna 13.1, maigida ya sa ran awa bakwai. Da ya raba batirin da komai ya bar shi zuwa ƙarfe tara, da mita ta nuna masa 12.4. Kashi 75 ke nan, kuma tsakaninsa da rabi kashi 25 ne kacal, wato 50Ah. A raba da 15, an samu awa uku da 'yan mintuna. Wanda ya san haka zai kashe talabijin ya bar fanka ta kai shi asuba. Ba wanda zai yi wannan jiran kullum, kuma ba a buƙatar haka. Sau ɗaya a wata, ko duk lokacin da batir ya fara canza hali, ya isa.

Akwai kuma abin da jadawalin ba ya faɗa, kuma nan ne masu sayen batir na hannu suke shan kashi. Lambar tana nuna kashi nawa ya rage, ba ta nuna girman rumbun ba. Batirin da ya daɗe a zaune ba caji, farin gishirin dalma ya daskare a farantansa, zai iya cika ya nuna 12.6 lafiya ƙalau alhali abin da yake iya riƙewa bai kai rabin na da ba. Amma da awo biyu ana iya kama shi. A cika shi, a bar shi ya huta, a rubuta lambar. A ɗora masa kayan nan na amfiya 15 na tsawon awa uku, 45Ah ke nan. A sake barin sa ya huta. Lafiyayyen mai 200Ah zai tsaya wajen 12.4. Idan ya sauka 12.2, to 45Ah ta cinye rabinsa, ma'ana dukkan abin da yake ɗauka bai wuce 90Ah ba, ko me aka rubuta a jikinsa.

Wata lambar da ke da nata labarin ita ce 10.5. Batirin da ya sha caji, ya huta, ya tsaya a kusa da nan, galibi ɗaki ɗaya ne ya mutu a cikinsa: a cire 2.1 daga 12.6 a gani. Caji ba ya tayar da irin wannan. A tsarin bolt 24, inda aka jera batir biyu, ana ninka lambobin jadawalin, amma gara a auna kowanne shi kaɗai. Jimlar 24.6 na iya zama 12.3 sau biyu, tana kuma iya zama 12.7 da 11.9, ɗaya na jan ɗan'uwansa zuwa rami.

Ita ma mitar a kula da ita. A juya ta zuwa 20V a ɓangaren DC, a ɗora tsinkayen a kan kawunan batirin kansu, ba a kan wayar da ta yi tsatsa ko farin gari ba. Mitar da ke nuna lamba ɗaya tak bayan ɗigo ba ta bambanta 12.25 da 12.34, kuma ƙaramin batirin cikinta idan ya yi sanyi takan ba da lambar bogi. Mai batirin ruwa da ke son shaida ta biyu sai ya nemi haidiromita, bututun gilashin nan da ke zuƙo ruwan batir ya auna kaurinsa ɗaki bayan ɗaki: kimanin 1.265 a cikakken batirin mota, 1.190 a rabi, 1.120 idan ya ƙare. A yi wannan da tabarau a ido, nesa da sigari da ashana, domin batirin da ya fito daga caji yana fitar da iska mai kamawa da wuta.