Sauya fuska a hoto: manhajar waya ko GIMP?

Mai son ɗora fuskarsa a jikin hoton wani, galibi waya yake fara ɗauka. Ka zaɓi hotuna biyu, ka danna, cikin daƙiƙu an gama. Sai dai yawancin manhajojin nan kan tura hoton zuwa kwamfutocin kamfaninsu, wasu kuma su manna tambarinsu a kai. In sakamakon ya fito a karkace, ba ka da ta cewa.

GIMP kuwa kyauta ce, a kwamfuta take aiki, ba ta bukatar intanet. Ka buɗe hoton jikin, ka shigo da na fuskar ta File > Open as Layers, ya zauna a samansa. Ka rage Opacity zuwa kusan 50 domin ka riƙa hango na ƙasa, sannan ka daidaita girman fuskar har idanu su hau kan idanu, baki kan baki. Daga nan ka mayar da shi 100, ka sa Add Layer Mask, ka shafe gefen fuskar da baƙin fenti da buroshi mai laushi. In ka wuce gona da iri, farin fenti zai dawo da wurin.

Inda aikin ke tonuwa shi ne haske. Fuskar da rana ta haska daga hagu ba za ta zauna a jikin da aka haska daga dama ba, inuwar hanci ce za ta fallasa ka. Launin fata ana gyara shi da Colors > Curves, a duba mahaɗar haɓa da wuya.

Mai kwamfuta ya fara da GIMP. Kuma da hotonka za ka gwada, ko na wanda ya ba ka izini.