Zoɓo da Kunu: Na Gida ko na Gora?

Ran Lahadi bayan an tashi sujada, da zafin rana ya tsananta, sai mu ga yaranmu sun nufi ƙofar majami'a inda masu talla suke jiran su da zoɓo da kunun zaƙi a cikin gorunan roba. Iyaye mata da yawa sun tambaye mu, wai shin wanne ya fi, na gida ko na saye? Amsar da muka saba ji ita ce na gida ya fi. Mu ma dā haka muke cewa, sai da wani biki ya sa muka sake tunani.

A wata ikilisiya da muka sani, matan zumunta suka dafa zoɓo na bikin Kirsimeti na yaran makarantar Lahadi. Ba a sayi kome daga waje ba. An wanke zoɓon, an tafasa shi da citta da kanumfari, an tace da kyalle mai tsabta. Kashegari kuwa yara fiye da goma suka kwana da gudawa da amai, biyu har aka kai su asibiti aka yi musu ƙarin ruwa. Da aka bi sawu sai aka tarar zoɓon ya yi kauri, aka sirka shi da ruwan randa wanda ba a dafa ba, aka kuma fasa ƙanƙarar kasuwa aka zuba a ciki domin ya yi sanyi. Wuta ta yi nata aiki, amma abin da aka zuba bayan an sauke tukunya shi ya ɓata kome.

Wannan shi ne abin lura na fari. Tafasa tana kashe ƙwayoyin da suke kawo gudawa da zazzaɓin taifot da kwalara, amma sanyi ba ya kashe su. Ƙanƙara tana ajiye su ne kawai, ta narke ta sake su. Saboda haka duk ruwan da zai shiga zoɓo, a tafasa shi tare da zoɓon tun farko. In ana so ya yi sanyi, a rufe shi a mazubinsa, a jera ƙanƙarar daga waje. Akwai kuma masu jefa 'yar kanwa don su kashe tsami su rage kuɗin sukari. Za ku gane shi ta launi, gama yakan yi duhu, jan nan nasa mai haske ya tafi. Tsamin nan da ake kashewa kuwa shi ne yake hana ƙwayoyin cuta saurin yaɗuwa.

Sha'anin kunun zaƙi ya fi wuya. Uwargida ta san yadda ake yi: a jiƙa gero ko dawa, a niƙa da citta da dankali, a raba ƙullun biyu, a dama kashi ɗaya da tafasasshen ruwa, sa'an nan a juye ɗanyen a kai a bar shi ya kwana. Ɗanyen nan shi yake tsinka kunun ya ba shi zaƙi, amma shi bai taɓa tafasa ba. Ke nan ruwan da aka jiƙa hatsi da shi, da wanda mai inji ya zuba wajen niƙa, da hannun da ya tace, duka suna cikin kofin da za mu sha. Uwargida mai hankali takan kai nata dafaffen ruwa wurin niƙa, ta sa a ɗauraye injin kafin a zuba mata. Kunu kuma ba ya jimrewa. A lokacin bazara, in ba firji, wanda aka tace da safe kada ya kai gobe.

To, na gora fa? Iri biyu ne, kada mu haɗa su. Akwai wanda aka yi a masana'anta aka like. Shi za a ga sunan mai yi da adireshinsa, da ranar da aka yi da ranar lalacewa, da lambar rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 domin kula da abinci da magunguna a Nijeriya. Akwai kuma wanda wata mata ta dafa a gidanta ta ɗura a tsofaffin gorunan ruwa. Ba mu ƙi sana'arta ba, da yawa daga cikin gwaurayenmu da ita suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu. Amma sau da dama gorunan nan daga tasha ko wurin biki aka tsinto su, ba a san bakin da ya sha a ciki ba, ga shi roba ba ta jure tafasasshen ruwa, sai ta motse. Ku dubi zoben da yake ƙarƙashin murfin. In ya riga ya rabu da murfin, an taɓa buɗe goran. In goran ya kumbura, ko ya yi tsaki da kumfa sa'ad da aka buɗe, ko kunun yana yauƙi, a zubar. Sai dai mu sani, ƙwayar taifot ba ta da wari ba ta da ɗanɗano, don haka hanci da harshe ba su isa shaida ba. Abin da ya fi shi ne mu san mai yin, mu san rijiyarta ko famfonta. Mu kuma tambayi abin da ta zuba. A 2021 a Kano mutane da yawa suka kwanta asibiti, waɗansu suka rasu, bayan sun sha abin sha da aka haɗa da garin ɗanɗano da ɗan tsami marasa kyau.

Yanzu sai maganar sukari, a nan kuwa na gida ba shi da abin fahariya. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da babban mutum zai sha a yini kada ya wuce wajen giram 50, watau ƙaramin cokalin shayi 12, in ya tsaya a rabin haka ma ya fi. Bari mu yi lissafi da tukunyar matan zumunta. Sun dafa lita 10, suka juye sukari kilo ɗaya, domin zoɓo da tsami. Kowace lita ta sami giram 100 ke nan, goran rabin lita kuma giram 50. Yaron da ya shanye gora ɗaya ya sha cokali 12, rabon babban mutum na yini guda, tun bai taɓa shayi ko biskit ba. Wannan daidai yake da lemon kwalba da muke hana su. Dattijon da likita ya ce yana da ciwon sukari, ya bar lemo ya koma zoɓo yana tsammani ya tsira, bai rage kome ba.

Na masana'anta yana da fa'ida ɗaya a nan, gama in an rubuta sukarin a jikinsa muna iya ƙirgawa. Sai a kula, yawanci na mililita 100 ake rubutawa. In an ce giram 10, goran kuwa na mililita 500 ne, sai a riɓa sau biyar. Na talla ba shi da rubutu, mai yin kuma ta san zaƙi ne yake kawo ciniki.

Fa'idar na gida ita ce cokalin yana hannunmu. A lita 10 ɗin nan, in aka sa giram 400, gora ɗaya zai tashi da cokali 5. A rage da kaɗan kaɗan mako mako, harshen yara zai saba. A ƙara citta da kanumfari da ɓawon abarba da aka wanke sosai, a tafasa su tare. Kada kuma mu ruɗi kanmu da zuma ko mazarƙwaila, gama jiki yana karɓar su kamar sukari ne. Kunun zaƙi kuwa, a ɗanɗana shi kafin a zuba kome, dankalin ya riga ya ba shi nasa zaƙin.

Matan zumuntan nan bana sun sayi babbar tukunya wadda za ta ɗauki ruwan duka a tafasa ɗaya. Sun kuma ce kowane yaro ya zo da kofinsa daga gida, na dattawa masu ciwon sukari kuwa a ɗebe shi gefe tun ba a zuba sukari ba.