Neman ƙarin wa'adi a wurin aiki: abin da takardar za ta ƙunsa

A biro da yawa, ana ba ma'aikaci aiki da ranar da zai miƙa shi, daga baya a riƙa ƙara masa wasu ayyuka, amma ranar ba ta motsawa. In wa'adi ya cika bai gama ba, shi ake ɗora wa laifi. Takardar neman ƙarin lokaci tana iya kare shi, muddin ta nuna da lissafi cewa aikin ne ya ƙaru. Shedar kuwa tana cikin tablon bin diddigin aiki, ko na Excel ne ko na littafi.

A ɗauki misalin ma'aikacin wani proje na ruwan sha a jihar Maradi. Ranar Litinin 6 ga Oktoba aka ce ya duba famfunan ƙauyuka 12, ya kawo rahoto ranar Juma'a 31 ga wata. Kwanakin aiki 20 ke nan: 12 na zagayen ƙauyuka, 3 na shigar da bayanai, 5 na rubutu. Ranar 13 ga wata, a wurin taro, darakta ya ƙara ƙauyuka 4. Ranar 20 kuma ya nemi a haɗa da ƙiyasin kuɗin gyaran kowane famfo.

Ma'aikacin bai taɓa layukan farko na tablonsa ba. Kowane ƙari ya buɗe masa sabon layi, ya rubuta ranar da aka nema, wanda ya nema, abin da aka nema, da kwanakin da zai ci. Ƙauyuka 4 za su ci kwana 4 na zagaye da kwana 1 na shigar da bayanai, ƙiyasin kuɗi kuma kwana 2. Jimilla kwana 7. Da ya goge 12 ya rubuta 16, da shedar ta ɓace, don mai dubawa zai ɗauka tun farko haka aikin yake.

Takardar, wadda galibi da Faransanci ake rubuta ta a biro na Nijar, ga abin da take cewa:

"Ranka ya daɗe, ina neman a ɗaga ranar miƙa rahoton famfuna daga 31 ga Oktoba zuwa Talata 11 ga Nuwamba. Aikin da aka ba ni ranar 6 ga wata ya shafi ƙauyuka 12, kuma na gama 11. An ƙara ƙauyuka 4 ranar 13, da ƙiyasin kuɗin gyara ranar 20, waɗanda za su ci kwanakin aiki 7, kamar yadda tablon da ke haɗe ya nuna. In ranar 31 ba za ta ɗagu ba, zan iya miƙa rahoton ƙauyuka 12 a ranar, sauran su biyo baya ranar 11 ga Nuwamba. Ina roƙon amsa kafin Juma'a 24 ga wata, don in tsara tafiye-tafiyen da suka rage."

Ranar 11 ga Nuwamba daga lissafi ta fito: kwana 7 ne bayan 31 ga Oktoba in an cire Asabar da Lahadi. Wanda ya rubuta "ƴan kwanaki" kawai ya bar wa darakta ya yanke, kuma yana iya ba da biyu. Zaɓi na biyu shi ma yana da amfani, domin wataƙila darakta ya riga ya yi wa masu ba da kuɗi alkawarin ranar 31.

Akwai kwana ɗaya da ma'aikacin ya rasa saboda mota ta lalace a hanya. Bai sa shi cikin lissafi ba, zai rama shi da kansa. In aka cakuɗa irin wannan jinkiri da ƙarin aiki, darakta zai kama wannan layin, ya fara shakkar sauran.

Rauni mafi girma shi ne umarnin baki. Layin tablo da ma'aikaci ya rubuta shi kaɗai ana iya musanta shi. Shi ya sa a ranar taron ya aika gajeren saƙo cewa ya fahimci an ƙara ƙauyuka 4, darakta ya amsa, shi kuma ya ajiye amsar.

Lokacin aikawa ma yana da nauyi. Takardar ta tafi ranar 21, washegarin ƙari na biyu, saura kwana 10 wa'adi ya cika. Da ta tafi ranar 30, zaɓin miƙa rahoton kashi biyu ba zai ƙara yi wa darakta amfani ba. In ya amince da baki, sai a nemi ya sa hannu a kwafin takardar, a rubuta sabuwar rana kusa da tsohuwa a cikin tablo.