Nawa Za Ki Caje Ni? Yadda Ake Yanke Kuɗin Talla a Bidiyo

Mu ɗauka wata mai koyar da girki ce a Kano, tana da mabiya 200,000 a TikTok da YouTube. Wani kamfanin yaji ya tura mata saƙo: "Hajiya, muna so ki ambaci kayanmu a bidiyonki na gaba, nawa ne?" Yawancin masu irin wannan sana'a kan leƙa yawan mabiyansu su faɗi abin da ya zo bakinsu. Amma mai talla ba mabiya yake saye ba, idon da zai ga kayansa yake biya wa.

Don haka sai ta buɗe bidiyoyinta goma na baya-bayan nan. Tara daga ciki an kalle su tsakanin sau 31,000 da 52,000, ɗaya kuwa ya yi farin jini har ya kai 600,000. In ta haɗa duka ta raba goma, wannan guda ɗayan zai kumbura lissafin ya haura 90,000, ta yi alkawarin da ba za ta iya cikawa ba. Abin yi shi ne ta jera su daga ƙarami zuwa babba ta ɗauki na tsakiya, wato kusan 40,000. Daga nan sai ta sa farashi a kan kowane kallo dubu. Babu hukumar da ta ƙayyade wannan farashi, ciniki ne, kuma ya danganta da su wa ke kallo. Matan aure da ke cefane kullum sun fi daraja a wurin mai yaji fiye da samarin da suka shigo dariya. A misalinmu mu ce naira 1,500 ne, kallo 40,000 ya ba da naira 60,000.

Wannan kuɗin na ambato ne na daƙiƙa talatin ko makamancin haka. Tsawo yana ƙara farashi, amma gurbin da aka sa tallar ya fi tsawonta tasiri. A YouTube Studio akwai zanen da ke nuna minti nawa mutane ke kaiwa kafin su watse. Idan rabinsu sun tafi kafin minti na biyar, tallar da aka ajiye a minti na takwas ko mutum 20,000 ba za su gan ta ba, kuma mai talla mai wayo zai nemi hoton zanen nan. Idan kuwa bidiyon ɗungurungum a kan yajin za a yi shi, ninka kuɗin ba zalunci ba ne, domin masu kallo kan guji abin da ya yi warin talla tun daga farko, ita ce kuma za ta yi asarar kallon.

Sai wahala. Naman da za a dafa, gas, man janareta, data, da yaron da ke tace hoton, a ce sun ci naira 25,000. Wannan daban ake rubuta shi, jimla ta zama 85,000. A kuma yi magana tun farko cewa gyara sau ɗaya ne kyauta, in ba haka ba za a yi ta "ɗan ƙara haske" da "sake faɗin sunan" har miya ta huce sau uku.

Inda aka fi cutuwa shi ne haƙƙin amfani da bidiyon. Naira 85,000 kuɗin a sa talla a shafinta ne kawai. Idan kamfanin yana so ya sauke bidiyon ya ɗora a nasa shafin, ko ya biya Facebook ya yaɗa shi, wani ciniki ne sabo. Duba lissafin: in suka tura fuskarta ga mutum miliyan ɗaya, a farashinta na kallo dubu abin ya kai naira 1,500,000, ita kuwa ko kwabo ba a ƙara mata ba. Shi ya sa ake haya da wa'adi. TikTok ma ya tanadi haka a tsarinsa na Spark Ads, inda mai bidiyo ke ba da lambar izini ta kwana 7, 30, 60 ko 365. A ganina kwana talatin ya isa a fara, a kan ƙarin naira 20,000, kuma a ambaci dandalin da aka yarje wa da suna. Duk takardar da ta ce "har abada" ko "a kowace kafa", a tsaya a sake lale, don da wannan jimlar ana iya ganin hoton mutum a jikin kwalin kaya ko allon bakin titi.

Akwai kuma sharaɗin kada ta tallata yajin wani na tsawon wata uku. Idan ta saba samun irin wannan talla sau ɗaya a wata, ciniki uku ke nan aka hana ta, dole farashin ya nuna haka.

Da kamfanin zai ce 105,000 ta yi yawa, ba sai ta karya farashi ba. Ta cire hayar kwana talatin, ko ta rage tsawon ambaton, ta karɓi rabin kuɗin kafin ta ɗora tukunya, ragowar kuma kafin bidiyon ya fita.